Yadda ake narkar da daskararren nama ba tare da ya kwana a waje ba

Tambayar da ake yawan yi mini ke nan: za a yi girki gobe, nama yana firiza ya daskare kamar dutse, shin laifi ne a fitar da shi da dare a ajiye a kan teburin kicin ya narke kafin gari ya waye? Amsar ita ce kada a yi haka. Hanyoyin da ba su da haɗari huɗu ne: firij, ruwan sanyi, maikirowef, ko kuma a dafa shi da ƙanƙararsa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya da misali guda, kaza gaba ɗaya mai nauyin kilo 2 da ake son dafawa ranar Asabar da rana.

Abu ɗaya ya kamata ku riƙe tun yanzu, domin duk matakan a kansa suka ginu. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin nama, tsayar da su kawai take yi. Da zarar ɗumin naman ya haura digiri 5 a ma'aunin Salshiyas sai su ci gaba da hayayyafa, kuma ba sa dainawa sai zafi ya kai wajen digiri 60. Nama kuwa daga waje yake fara narkewa. Kazar da aka ajiye a tebur da ƙarfe goma na dare, fatarta da saman tsokarta za su ɗauki ɗumin ɗaki tun cikinta yana da ƙanƙara. Da safe a taɓa a ji sanyi a ce lafiya lau, alhali saman, inda mafi yawan ƙwayoyin suke, ya yi awanni cikin ɗumi. Idan yanayi ya yi musu daidai, wasu ƙwayoyin kan ninka yawansu duk bayan minti 20. A irin wannan saurin, ƙwaya ɗaya za ta haura dubu 260 cikin awa shida. Shi ya sa ƙa'idar ita ce ɗanyen nama kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya.

1. Fara lissafin lokacinku

Lokacin da ya rage kafin a ɗora tukunya shi ke zaɓa muku hanya. Idan akwai kwana ɗaya ko biyu, firij. Idan awa biyu ko uku ne, ruwan sanyi. Idan mintuna ne kuma naman kaɗan ne, maikirowef. Idan babu lokaci sam, a zuba shi a tukunya yadda yake.

Akwai bambancin da mutane ke mantawa. Firij ne kaɗai ke ba ku damar sauya shawara. Naman da ya narke a firij zai iya jiran ku, har ma a mayar da shi firiza idan girkin ya fasu. Wanda ya narke a ruwa ko a maikirowef dole a dafa shi nan take. Saboda haka idan ba ku da tabbacin yau za a yi girkin, kada ku fara da ruwa.

2. Tanadi kayan aiki

Ba su da yawa: faranti mai zurfi ko roba mai baki da za ta tare ruwan nama, leda mai kauri wadda ba ta yoyo, babbar roba ko tukunya da naman zai nutse a ciki, sai ƙanƙara idan ruwan famfonku yana zuwa da ɗumi. Duk waɗannan kusan kowane kicin yana da su. Abin da kawai zan ce a kashe wa kuɗi shi ne ma'aunin zafi, ƙarami na ajiyewa a firij, da mai tsinke na soka wa nama. Lambobin da ke jikin maɓallin firij, daga 1 zuwa 5 ko zuwa 7, ba digiri ba ne, matakan ƙarfin sanyi ne. Sai da ma'auni za ku san ko firij ɗinku yana riƙe digiri 4 ko ƙasa da haka, wanda shi ne ake bukata.

3. Narkarwa a firij

Wannan ce hanyar da na fi so a saba da ita, domin naman ba ya taɓa fita daga sanyi tun daga farko har ƙarshe. Abin da take ci shi ne lokaci da ɗan wuri a firij.

Ku fitar da kazar daga firiza, ku bar ta cikin ledarta, ku ɗora a faranti mai zurfi. Farantin ba ado ba ne. Ƙanƙara takan tsaga leda ta inda ido ba ya gani, kuma yayin da nama ke narkewa yana fitar da jan ruwa mai ɗauke da duk abin da ke jikinsa. Ku ajiye farantin a shiryayye na can ƙasa, yadda ko ya ɗiga ba zai sauka a kan komai ba.

Gargaɗi: kada ɗanyen nama ya zauna a saman dafaffen abinci, ko 'ya'yan itace, ko ganyen da za a ci ɗanye. Naman za a dafa shi, wuta ta kashe abin da ke jikinsa. Abin da ruwansa ya ɗiga a kai kuwa haka za a ci shi. Idan aljihun kayan lambu yana ƙarƙashin shiryayyen, ku tabbatar farantin yana da zurfin da ba zai tumbatsa ba.

Lissafin lokaci shi ne kwana ɗaya cur ga kowane kilo 2 zuwa 2 da rabi. Ƙaramin abu ma, kamar rabin kilo na niƙaƙƙen nama ko 'yan yankan ƙirjin kaza, ku ba shi kwana ɗaya, ko da yake idan an shimfiɗa shi da faɗi yakan riga haka. Kazarmu mai kilo 2 a lissafi kwana ɗaya ce, amma ni ba na fitar da ita ranar Juma'a da rana. Ranar Alhamis da dare nake sa ta a firij. Dalili shi ne kaza dunƙule ce mai rami a ciki, kuma ramin nan shi ne ƙarshen narkewa. Firij mai tsananin sanyi, ko lungun da ke kusa da bangon baya, yana iya ƙara mata rabin yini. Idan ta riga ta narke da yammacin Juma'a ba asara, domin tana da izinin jira.

Izinin jiran nan yana da iyaka. Bayan narkewa, kaza da niƙaƙƙen nama da naman da aka yanka ƙanana da kayan ciki suna iya ƙara kwana ɗaya zuwa biyu a firij. Babbar tsokar sa ko ta rago ko ta akuya tana kai kwana uku zuwa biyar. Niƙaƙƙe ya fi saurin lalacewa saboda niƙan ya cuɗa ƙwayoyin da ke sama cikin naman gaba ɗaya.

Idan Asabar ta zo girki bai yiwu ba, za ku iya mayar da kazar firiza muddin a firij ta narke kuma ba ta wuce kwanakin nan ba. Ba za ta cutar ba, sai dai za ta rage laushi, domin kowace daskarewa tana fasa tsoka ta fitar da ruwanta.

Gargaɗi game da wuta: duk wannan lissafin na firij ne mai aiki. Idan wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu. Bayan haka ya zama kabad kawai, kuma naman da ya riga ya narke a ciki ya fara ƙirga awanninsa biyu. Firiza ta fi juriya: cikakkiya tana kai kusan awa 48 a rufe, mai rabin kaya kusan awa 24. Idan kun san wutarku ba ta tsayawa, gara naman ya zauna a firiza har ranar girki ku yi amfani da ruwan sanyi.

4. Narkarwa a ruwan sanyi

A ce an manta, sai Asabar da ƙarfe takwas na safe aka tuna da kazar. Har yanzu da sauran lokaci. Ruwa yana jan sanyi daga jikin abu fiye da iska nesa ba kusa ba, shi ya sa abin da zai kwana a tebur yana narkewa yakan narke a ruwa cikin awa biyu ko uku, kuma samansa bai ɗumama ba.

Da farko ku duba ledar. Idan tana da tsaga ko kuna shakka, ku ƙara wata a kai, ku matse iskar ciki, ku ɗaure baki tam. Iskar da aka bari tana sa ledar ta taso sama, tana kuma shiga tsakanin nama da ruwa ta rage saurin aikin. Sai ku sa a babbar roba, ku zuba ruwan sanyi har ya rufe ta. Idan ta taso ku danne da faranti mai nauyi, domin ɓangaren da ya fito saman ruwa a iskar ɗaki yake zaune.

Gargaɗi: kada a tsoma nama tsirara ba leda. Tsoka tana shan ruwa ta yi lami, ɗanɗanonta ya fita, sannan ruwan robar gaba ɗaya ya zama ruwan ɗanyen nama mai fantsama duk inda aka zubar.

Sai babban aikin: a zubar da ruwan a zuba sabo duk bayan minti 30. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali yana da amfani biyu. Da farko, kazar tana sanyaya ruwan da ke kewaye da ita sosai har narkewar ta yi sanyin jiki, sabon ruwa kuma yana maido da saurin. Daga baya, idan ƙanƙarar ta ragu, ruwan da aka bari sai ya fara ɗaukar ɗumin ɗaki, kuma a nan sauyin ke hana shi zama ruwan ɗumi. Ku sa ƙararrawa a waya, domin minti 30 a kicin ba wuya ya zama awa biyu.

A nan akwai abin da nake so ku kula da shi sosai. Idan aka ce ruwan sanyi, ana nufin mai sanyi da gaske, wanda bai haura digiri 21 ba. Ruwan da ya sauko daga tankin da rana ta daka, ko bututun da ke bin bango mai zafi, yana iya zuwa da ɗumin jiki ko fiye. Ku sa hannu. Idan ba ku ji sanyi ba, ku jefa ƙanƙara, ko ku yi amfani da ruwan da ya kwana a firij. Wannan ita ce tsadar wannan hanya: ruwa roba biyar ko shida, 'yar ƙanƙara, da kasancewa kusa.

Rabin kilo yana narkewa cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Kilo ɗaya da rabi zuwa biyu yana cin awa biyu zuwa uku. Abin da ya fi haka girma, ku ƙiyasta kamar awa ɗaya ga kowane kilo. Kazarmu da ta shiga ruwa ƙarfe takwas, an sauya mata ruwa sau biyar ko shida, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta shirya. Idan naman yanka-yanka ne da suka manne, bayan sauyi na biyu ku murza ledar daga waje ku raba su, lokacin zai ragu sosai.

Gargaɗi: kada gaggawa ta sa a zuba ruwan zafi. Saman naman zai yi fari kamar ya fara dahuwa, ƙarƙashinsa ya zauna cikin ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so, tsakiya kuma har yanzu dutse. An koma matsalar tebur ke nan, da ƙarin sauri. Haka nan ajiyewa a rana ko a gefen murhu.

Da ta narke, a dafa nan take. Ba a mayar da ita firij a ce sai gobe, ba a kuma mayar da ita firiza ɗanya. Idan shiri ya rushe, ku dafa ta tukuna, sannan ku daskarar da dafaffen.

5. Narkarwa a maikirowef

Wannan ta ƙananan abubuwa ce, kamar rabin kilo na niƙaƙƙen nama ko cinyoyi uku ko huɗu. Kaza gaba ɗaya ba ta dace da ita ba, fukafukai za su dahu ciki bai motsa ba. Ku cire leda da tiren kumfan da aka saido naman a kai, ku sa a kwanon da aka yi don maikirowef. Ku danna maɓallin narkarwa, wato `Defrost`, idan babu shi ku rage ƙarfi zuwa kashi 30 cikin ɗari. Duk bayan minti biyu ko uku ku tsayar, ku juya, ku raba abin da ya rabu, ku kwashe wanda ya yi laushi gefe.

Gargaɗi: maikirowef ba ya dumama abu bai ɗaya. Wani gefen zai yi zafi har ya fara canza launi, wani yana nan da ƙanƙara. Don haka tukunya ta riga ta kasance a kan wuta kafin ku fara, daga maikirowef sai cikinta.

6. Dafawa ba tare da an narkar ba

Mutane suna mamaki idan na ce wannan ba shi da haɗari, amma gaskiya ce. Naman yana ratsa matakin ɗumin nan da sauri saboda yana kan wuta mai ƙarfi. Abin da za ku ƙara shi ne lokaci, kamar rabin na da: abin da ke dahuwa a awa ɗaya zai ci awa ɗaya da rabi. Ya fi dacewa da naman da aka yanka ƙanana kuma za a dafa cikin ruwa. Ku sa wuta mai kyau, ku riƙa raba yankan da cokali yayin da suke sakin juna.

Gargaɗi biyu. Kada a jefa daskararren nama cikin mai mai zafi da yawa, domin ƙanƙarar tana juyewa tururi nan take, man ya yi tsalle ya ƙona mutum ko ya kama wuta. Sannan kada a sa shi a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, wadda ake bari yini guda, domin za ta ɗauki awanni kafin ta kai naman zafin da ke kashe ƙwayoyi.

7. Yadda za a gane ya narke, da yadda za a gane ya dahu

Ga kaza, ku motsa cinya da fiffike, su lanƙwasu ba tauri. Sai ku sa hannu cikin ramin cikinta ku shafa ta wajen ƙashin baya. Idan kun ji ƙanƙara, da saura. Ga babbar tsoka, ku danna wurin da ya fi kauri, ko ku soka siririyar wuƙa ku ji ko za ta ci karo da tauri a tsakiya. Wannan dubawar tana da muhimmanci ga abin da za a gasa ko a soya gaba ɗaya, saboda waje zai yi ja ya yi kyau, kusa da ƙashi kuma bai dahu ba.

Launi yana ruɗi, ma'auni ba ya yi. Ku soka tsinken a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Kaza da sauran tsuntsaye su kai digiri 74, niƙaƙƙen nama 71, tsokar sa ko rago ko akuya 63 sannan a bar ta ta huta minti uku kafin a yanka.

8. Tsabtace bayan aiki

Ruwan da ya taru a faranti ko a leda, a tsiyaye shi a hankali kai tsaye cikin magudana, a jefar da ledar. Faranti da roba da wuƙa da katakon yanka a wanke da sabulu da ruwan zafi, a goge shiryayyen firij idan ya ɗiga. Hannu kuma da sabulu na daƙiƙa 20, kafin a taɓa murfin tukunya ko waya ko kwalbar gishiri.

Na san da wuya wasu su yarda, amma wanke kaza a ƙarƙashin famfo ba ya cire ƙwayoyin cuta, watsa su yake yi a kan kwanuka da tufafi da abin da ke kusa. Wuta ce ke kashe su. Idan akwai gudan jini ko ɓarɓashin ƙashi da dole a cire, a yi shi cikin roba a hankali ba tare da fantsama ba, kuma a kawar da duk abin da za a ci ɗanye daga wurin tukuna.

9. Idan ya riga ya kwana a waje

A nan ne tambayar ta fi zafi, domin nama ba abin zubarwa ba ne. Hujjoji uku nake yawan ji, kuma ina so in amsa su da gaskiya.

Ta farko: ai na sansana, ba ya wari. Ƙwayoyin da ke sa nama wari da yauƙi daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum. Salmonela da Kamfilobakta, waɗanda aka fi samu a jikin kaza, ba sa canza ƙamshi ko launi. Wari yana nuna nama ya lalace, amma rashinsa ba ya nuna lafiyarsa ƙalau.

Ta biyu: ai zan dafa shi sosai. Dahuwa tana kashe ƙwayoyin, haka ne, amma wasu, irin su Stafilokokus, idan suka samu lokaci suka yi yawa suna barin guba a cikin abinci, kuma tafasa ba ta rusa wannan gubar. Ban da haka, naman da ƙwayoyinsa suka ninka sau dubbai yana barin su da yawa a hannu da wuƙa da tebur kafin ya kai tukunya.

Ta uku: mun daɗe muna yi ba abin da ya same mu. Yana yiwuwa, domin ba kowane nama ne ke ɗauke da mugun iri ba. Amma ciwon ba ya zuwa nan take a kowane lokaci. Salmonela na iya ɗaukar daga awa shida zuwa kwana shida, Kamfilobakta kwana biyu zuwa biyar, kafin gudawa da murɗar ciki da zazzaɓi su bayyana. Zuwa lokacin an manta da kazar Asabar, an ɗora laifin a kan wani abu. Kuma abin da babba mai ƙarfi zai jure da gudawar kwana biyu yana iya kai ƙaramin yaro, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko mai fama da wata cuta gadon asibiti.

Ga yadda nake yanke hukunci. Idan an fitar da shi ne bai kai awa biyu ba, ko awa ɗaya a wuri mai zafi, a sa shi a firij ko a ruwan sanyi a ci gaba. Idan ya kwana, a soka ma'auni a ƙarƙashin fata ko saman tsoka, ba a tsakiya ba, domin tsakiya kullum za ta nuna sanyi. Idan ya nuna digiri 5 ko ƙasa, wanda ba ya faruwa sai a ɗaki mai tsananin sanyi, a dafa shi nan take. Idan ya haura haka, ko babu ma'auni kuma saman ya yi laushi ya daina sanyi, a ƙulle shi a leda a jefar.

10. Gyara daga ranar da aka sa shi a firiza

Yawancin wahalar narkarwa tun ranar daskarwa aka ƙulla ta, lokacin da aka cusa kilo uku a leda ɗaya ya zama dunƙule. Ku raba nama gwargwadon girki ɗaya ɗaya, kowane a ledarsa, ku matse iska, ku danne shi ya yi faɗi kada kaurinsa ya wuce yatsu biyu. Kazar da kuka san yayyankawa za ku yi, ku yayyanka ta tun kafin ta daskare. Ku rubuta kwanan wata a jikin ledar, ku shimfiɗa ledojin ɗaya ɗaya har su daskare kafin ku jera su a kan juna, firizar kuma tana kan digiri 18 ƙasa da sifili. Leda mai faɗi ta rabin kilo tana narkewa a ruwan sanyi kafin ku gama yanka albasa da haɗa sauran kayan girki, sau da yawa da sauyin ruwa ɗaya kawai.